Layi Uku, Mata Ɗaya

Tana goge tabarau da gefen mayafinta, kamar kowace safiya bayan ta miƙa aiki, sannan ta buɗe kwamfuta a teburin ɗakin hutun ma'aikata. A asibitin Anti Ungozoma ake ce mata. Jariran da ta fara karɓa sun zama iyaye, sai ga ta ta koma karatun digiri na biyu da furfura a goshi. Tambayar da ta daɗe tana ci mata rai ita ta zama bincikenta: me ya sa masu ciki suke daina shan ƙwayar ƙarin jini?

Malaminta ya taɓa dawo mata da babin bitar bincike. "Kin jera mini takardu kamar masu jiran awo," ya ce. "Ki sa su yi magana da juna." Yau zai sake dubawa. In bai sa hannu ba, sai baɗi za ta fara tattara bayanai.

Don haka ta zana jadawali na takardun binciken da ta karanta. Kowace takarda da layinta: manufa, su wa aka tambaya kuma su nawa, ta wace hanya, me aka gano. Ba ta yarda da taƙaitawar shafin farko, sai ta shiga ciki ta ga lambobin da idonta. Takardu tara, biyar sun ɗora laifin a kan tashin zuciya, kuma a kan wannan rinjaye ta gina babin.

Da ta bi jerin adadin mata daga sama zuwa ƙasa, sai yatsarta ta tsaya. Ɗari huɗu da sha biyu, har sau uku. Ta koma cikin takardun. Asibiti ɗaya, watanni ɗaya, sunan marubuci na farko kawai ke canzawa. Bincike guda ne aka raba shi uku.

Wata ƙaramar nas da ke shan shayi ta leƙo. "Anti, fuskarki kamar an ce ki koma duti."

"Mata ɗaya na ƙirga sau uku, 'yata."

"To wa zai sani? Ki bar shi mana, yau fa za ki kai!"

"Ke in uwa ta zo awo sau uku, haihuwa uku kike rubuta mata?"

Nas ta ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe ta.

Anti ta haɗe layukan uku suka zama ɗaya, ta rubuta dalili a ƙasa. Biyar cikin tara ya koma uku cikin bakwai. Sauran huɗun sun rabu: nisan asibiti, mantuwa, maganar surukai. Ta goge "yawancin bincike ya nuna", ta rubuta cewa har yanzu masana ba su daidaita ba, kuma wannan giɓin ne aikinta zai shiga.

"In malaminki ya ƙi fa?" in ji nas.

"Ba labari ya nema ba, kwatanci ya nema. Ga shi kuwa."

Ta rufe kwamfutar, ta rungume ta kamar jariri, ta tura ƙofa da kafaɗa ta fita.