Takardar Jalo Mai Shanun Huɗa

A Durun, idan aka ce Jalo, to shanun huɗa ake nufi. Tun yana saurayi yake bin garma, ya huɗe gonakin mutane a biya shi, har furfura ta cim masa a bayan karkiya. Ba shi da baki, ba shi da boko, amma yana da bijimai biyu, Fari da Ja, waɗanda ya hora tare tun suna maruƙa. Fari ke ja ta dama, Ja ta hagu. Matarsa Asiya kan ce ya fi sanin tarinsu a kan nata.

Tsautsayi ya same shi ne a shekarun da taki ya yi tsada. Ya karɓo buhuna bashi wurin Alhaji Zainulabidin, dillalin taki a Gwarzo, ya rarraba wa maƙwabta da sunan sai kaka. Ruwa ya ɗauke da wuri, maƙwabta suka koma gaishe shi daga nesa. Naira dubu tamanin da biyar ta kwana a wuyansa shekara biyu. Da aka ƙaddamar da Shari'a, Alhaji ya aiko cewa ba zai ƙara ko kwabo ba, don kuɗin ruwa haramun ne, amma ko Jalo ya kawo tsarin biya a rubuce, ko su haɗu gaban alƙali.

Takardar farko liman ya rubuta masa. Addu'a ta ci rabinta, sauran kuma alkawari ne cewa zai riƙa biya kaɗan-kaɗan idan Allah ya hore. Alhaji ya maido ta ko ninkinta bai sake ba.

Sai Jalo ya tafi Kabo wurin Malam Zechariah, malamin firamare ɗan kudancin Kaduna, wanda yake huɗe wa 'yar gonarsa duk damina. Suka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya, sannan malamin ya karanta.

"Baba Jalo, wannan roƙo ne, ba tsari ba," in ji shi. "Mai bin bashi so yake ya ga ka amsa adadin da bakinka, ya ga ranar biya, ya ga inda kuɗin zai fito. Kuma kada mu ce wata-wata, kai ba ɗan albashi ba ne. Mu da muke da albashin ma wata uku ba mu gan shi ba."

Suka tsara dubu ashirin duk kaka har kaka uku, kafin ƙarshen Disamba, daga kuɗin huɗa da masarar gonarsa. Liman da mai unguwa za su sa hannu a matsayin shaidu.

"Saura dubu ashirin da biyar," in ji malamin. "Ita ya kamata ta tafi tare da takardar. Wanda ya yi shiru shekara biyu, ba a yarda da alkawarinsa hannu wofi. Me kake da shi?"

Jalo ya ce, "Sai dai sa ɗaya."

"To huɗar fa?"

"Maƙwabcina Sajo yana da guda. Ma haɗa."

Malamin ya rubuta haka da zuciya ɗaya, ya ƙara cewa idan kaka ta wuce ba a biya ba, bijimin da ya rage na Alhaji ne. Shi alli ya sani, bai san karkiya ba. Jalo kuwa ya sani sarai san Sajo ɗan dama ne kamar Fari, kuma tsohon sa ba ya sauya gefe a damina ɗaya. Ya so ya faɗa, tsoron zama gaban alƙali a shekarunsa ya kama masa harshe. Ya dangwala yatsa.

Ranar kasuwa ya ja Ja zuwa kara. Fari ya rame, ba zai kai kuɗin ba, shi ya sa. Ya dawo da igiya a naɗe a kafaɗa, Asiya ta kalli igiyar ta shige ɗaki.

Alhaji ya karanta takardar sau biyu, ya ƙirga kuɗin, ya ce wannan ita ce maganar dattawa. Har yau, an ce, yakan ciro ta ya nuna wa masu bashi, su ga yadda mai amana ke rubutu.

Da ruwan shuka ya sauka, aka ɗaura wa Fari karkiya da san Sajo. Kowane na neman dama, suka yi ta tunkuɗar juna, garma na yawo kamar tafiyar maye. Kafin azahar Sajo ya kwance nasa, ya ce kada a karya masa wuyan dabba. Masu gonaki suka nemi wani mai huɗar.

Washegari Jalo ya ɗauko garmar hannu da ya rabu da ita tun yana saurayi, ya shiga layin 'yan ƙwadago, cikin yaran da ya haifi iyayensu. Fari na ɗaure a turke, yana cin harawar da Jalo ke saya masa da kuɗin ƙwadagon. Asiya ta ce ya sayar da shi mana su huta.

"Ba nawa ba ne da zan sayar," in ji Jalo. "Kiwo nake wa Alhaji zuwa Disamba."