Gaisuwar Kawu Ta Minti Goma Sha Tara

Bakin Kawu na fara gani da na shiga shagon. Yana buɗe a fuskar kwamfuta, bai rufe ba bai kuma ce komai ba, hannunsa ɗaya a sama, hularsa ta karkace hagu. Yaya ce ta tsayar da bidiyon a daidai nan ta tafi alwala. Ni da na taso tun daga Katagum a motar haya, ƙafata ta yi tsami, sai na tsinci kaina ina shirin durƙusawa in gaishe shi.

Hutun makaranta ne, aka turo ni Azare wurin Yaya, babbar yayarmu. Mijinta na da shagon fotokwafi kusa da kasuwa, ita kuma tana da teburi ɗaya a can ƙurya inda take haɗa bidiyon biki da na walima. A gida an san ni da rashin magana. Innarmu ta ce ko ba komai zan iya riƙe mata takarda.

Takardar kuwa tana nan tana jirana, shafi talatin da ɗaya, an danne ta da dutse saboda fanka. Kawu, yayan Innarmu, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya. Ya tara manoma da 'yan kasuwar wake ya yi musu lacca ta awa biyu da kwata a kan yadda ake adana wake a buhu mai leda biyu a ciki, ba tare da an zuba masa maganin ƙwari ba. Yaya ta kwana huɗu da abin ji a kunne tana buga duk abin da ya faɗa, kowane sakin layi da minti da daƙiƙarsa a gefe. An riga an tura dukan laccar a guruf ɗin manoma, amma wani daga Sakwa ya ce ta cinye masa data tun kafin Kawu ya ambaci wake. An kusa fara roron wake. In ba a kai maganar wayoyin mutane kafin su cika buhunansu ba, sai kuma baɗi.

"Guntaye shida za mu fitar," in ji Yaya. "Kowane kada ya wuce minti ɗaya, magana ɗaya tak. Kuma kowane da ƙugiyarsa."

Ƙugiya ita ce maganar farko da mutum zai ji, wadda za ta hana babban yatsansa ture bidiyon sama. Ta ce in ba a kama mutum a daƙiƙa uku ba, ya tafi kallon rawa. Ta miƙa min jan biro, in ja layi duk inda na ga ƙugiya.

Aikin ya yi min daɗi, domin babu wanda zai ce in tashi in yi bayani. Ina karantawa ina duba bidiyon, sai na lura da wani hali na Kawu. Duk lokacin da yake karanta takardarsa, muryarsa kamar ta mai sanarwar rasuwa ce. Amma in ya cire tabarau ya goge da bakin riga, to ku saurara, maganar kirki na tafe. Sai na daina bin shafi, na koma farautar tabarau. A minti na arba'in da bakwai ya cire ya ce, "Waken da ƙwaro ya ƙi ci, shi za ka dafa wa ɗanka?" Na ja layi. A awa ɗaya da minti goma ya jefa ƙwayar wake a baki ya ciza, ta ce ƙas, ya ce, "In bai yi wannan ƙarar ba, bai bushe ba." Na ja layi biyu.

Yaya takan ɗauko irin wannan jimlar daga tsakiya ta kai ta gaba, sannan bayanin ya biyo. Duk inda ya ce "kamar yadda na faɗa ɗazu" sai mu yanke, tunda mai kallon guntu ba shi da ɗazu. Akwai inda ya kwaikwayi muryar wani ɗan kasuwa, "Zuba maganin da yawa, ai ba ni zan ci ba." Na so ƙwarai mu fara da wannan. Yaya ta harare ni.

"Ke, so kike a jefe shi a kasuwa? Wanda ya ji rabin farko ya wuce, cewa zai yi Kawu ne ya ba da fatawar."

Wahalar gaske ita ce tsayar da hoton. An ɗauki bidiyon a kwance, mu kuma a tsaye muke so, kamar yadda ake riƙe waya. Ke nan kusan kashi biyu cikin uku na faɗin hoton zai tafi, a bar siririn tsakiya. Kawu kuwa ba ya tsayuwa wuri ɗaya. Sai Yaya ta riƙa jan hoton tana bin sa, ni kuma ina buga rubutun da zai fito a kan ƙirjinsa, don in ya sauka ƙasa sosai alamomin waya za su rufe shi. Guntaye biyar suka fito tsaf. Na shida, na ɗaure bakin ledoji ɗaya bayan ɗaya, ya gagara, domin a wurin Kawu yana wannan gefe, buhun yana wancan. In an kama shi babu buhu, in an kama buhu sai gwiwar hannu.

Ranar Laraba bayan la'asar Kawu ya zo duba aiki. Aka ba shi kujerar roba, aka miƙa masa waya. Ya danna. Muryarsa ta fito ba sallama ba komai: "Waken da ƙwaro ya ƙi ci..." Ya tsayar.

"Ina farkon?"

"Shi ne farkon, Kawu."

"Ni na faɗa wa mutane haka kamar wanda ya hauro ta katanga? Ina sallama? Ina Sarkin Noma, ina Liman, ina Alhazan Misau da suka yi takakka? Ke 'yar nan, a gidanmu aka haife ki kuwa?"

Yaya ta yi ta bayanin daƙiƙa uku. Ya ce shi shekara talatin da biyar ya yi yana magana gaban jama'a, ba a taɓa ba shi daƙiƙa uku ba. Ko a sa gaisuwar a gaban kowane guntu, ko kuma kada a fitar da ko ɗaya. Gaisuwar nan kuwa minti goma sha tara ce cif, shafi huɗu da rabi.

Ina zaune a bayan injin fotokwafi, takardun a cinyata. Akwai abin da na gano tun ranar Litinin na yi shiru, don ban san wa zan faɗa wa ba. Da nake karanta shafukan gaisuwar, sai na mai da abin wasa: duk wanda ya ambata in nemo shi a hoton in ɗiga masa biro a takarda. Kowa a layin gaba ya samu ɗigo, har da wani Alhaji da ya yi barci tun kafin a zo kansa. Mutum ɗaya ce ta rage. Tana zaune a ƙarshen dama da shuɗiyar lafaya, carbi a hannu. Hajiya ce, shugabar mata masu sayar da wake, wadda asalinsu daga Yobe suka zo. Ita ta haifi Anti, matar Kawu. Kawu ko takalmi ba ya shiga da shi ƙofar gidanta.

Ban san inda na samo muryar ba.

"Kawu, ko a fitar da gaisuwar ita kaɗai?"

Suka waiwayo su biyu, kamar injin ne ya yi magana.

"A yi mata nata guntun," na ce, ina kallon ƙafata. "A rubuta a sama, 'Duba ka gani ko an gaishe ka.' Kowa zai kalla har ƙarshe yana neman kansa."

Fuskar Kawu ta washe. "Kin ji mai hankali," ya ce wa Yaya. "Wannan ita ta gado ni."

"Sai dai duk wanda aka ambata zan rubuta sarautarsa a kan hoton," na ce. "Na nemi inda zan rubuta ta Hajiya ban samu ba."

"Wace Hajiya?"

"Ta gidan su Anti."

Ya miƙo hannu na ba shi shafukan. Ya sa tabarau ya bi su da yatsa tun daga sama. Ya kai ƙarshe, ya lashi yatsa, ya sake dawowa farko. Yaya ta juya baya tana gyara wata waya da ba ta lalace ba, kafaɗunta na rawa.

"Na gaishe ta," in ji shi. "Mai bugawa ce ta tsallake."

Na kunna masa wurin, na nuna masa da biro. A minti na sha huɗu ya juya wajenta, ya buɗe baki, sai lasifika ta yi ƙara. Kafin a gyara ya manta, ya wuce kan direbobin da suka kawo kujeru. Hajiya ta ɗago ta dube shi, ta ja carbi ɗaya, ta mai da kai.

Kawu ya daɗe yana kallon fanka.

"Wannan doguwar da kuka tura a guruf, ta gani?"

"Ba wanda ya kai minti na sha huɗu, Kawu," in ji Yaya. "Amma in muka mai da ita guntu, da rubutu manya-manya..."

"A'a, a'a. Ai gaisuwa ta fatar baki ce, ba ta waya ba. Mutanen nan an gaishe su a wurin, ya wadatar. Wa zai zauna yana ɓata data a kan gaisuwa? Ku yaran yanzu ba ku san darajar lokaci ba." Ya ninke shafukan huɗu da rabi ya zura a aljihu. "Ku fitar da na waken. A rubuta sallama a sama, ko da ƙanana ne."

Yaya ta ce wannan mai sauƙi ne. Sannan ta kawo zancen guntu na shida, ta ce sai an sake ɗauka. Ya ce yanzu ma. Aka aro buhu da wake kwano uku a shagon maƙwabci, muka fita bayan shago inda akwai haske. Yaya ta ce hannuna ya fi nata tsayuwa, ta ba ni wayar. Na riƙe ta a tsaye. Kawu ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya dubi teloli biyu da mai rake da suka taru kallo, na ga leɓensa ya fara shirin abin da ya saba.

Na sauke wayar kaɗan, na ja layi a ƙasa da ƙafa.

"Kawu, don Allah ka jawo buhun gabanka, ka tsaya nan inda na ja layi da ƙafa. Kuma ka yi haƙuri, har ka gama ɗaurewa kada ka gaishe da kowa."