Abin da Aurèle Ya Tafi da Shi

Myrtle ba ta taɓa koyon Faransanci a makaranta ba. Da Turanci aka raine ta a New Carlisle, sai aure ya kai ta gidan Aurèle Babin, masunci, a Paspébiac, garin da ke nan kusa amma bakinsu Faransanci ne. A kunne ta tsinci harshen, a kicin ɗin surukarta da bakin teku inda ake shanya kifi.

Aurèle ne malaminta, kuma malami ne mai tsokana. In ta ce ta dafa masa quelque chose bonne, sai ya ajiye cokali.

"Baturiyata, ina kika jefar da de? Quelque chose de bon! Abu mai daɗi. Ƙaramar kalma ce, ba ta da nauyi, ɗauko ta."

"To ai chose mace ce, me ya sa ba bonne ba?"

"In ta biyo bayan quelque ta zama namiji. Kada ki tambaye ni dalili, ni kifi na sani."

Haka ya yi da rien de. Ko ƙugiya ta tsaga masa hannu, ya shigo yana ɗigar jini, abin da zai ce ke nan: rien de grave, ba wani abin damuwa. Da wannan maganar ya yi mata sallama ranar da aka ɗauke shi zuwa asibiti, a kakar 1978, yana dafe da ƙirji. Bai dawo ba.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su, Ghislain. Uban ya so ya gaji jirginsa na kamun kifi, shi kuwa ya tafi can arewa aikin madatsar ruwa. Daga can ya rubuto wa uban wasiƙa mai zafi, ya ce a sayar da jirgin, shi ba zai ƙare rayuwarsa yana warin kifi ba. Mako uku bayan isowar wasiƙar Aurèle ya rasu. Kafin labari ya kai wa Ghislain har an binne shi.

Abin da Ghislain bai gani ba, Myrtle ta gani. Aurèle ya yi fushi kwana biyu, daga nan ya ninke wasiƙar ya sa a aljihun riga. Yakan fito da ita ya ce, "Dubi rubutun yaron nan, ko limamin coci albarka." Da ita ya tafi asibiti, ba carbinsa ba, ba agogonsa ba. Myrtle ta bar ta a aljihunsa aka rufe akwatin gawar.

Ta so ɗanta ya san wannan. Ta zauna ta rubuta masa da Faransanci, don da shi ake magana a gidan. A bakin mutanen garin ce qu'a da ce qui a kusan ɗaya suke fita, suna haɗiye wasali. Ta fara rubuta ce qu'a, sai ta ga kamar maganar kasuwa ce, ba ta dace da takarda ba. Ta soke, ta cika ta: Ce qui a emporté ton père, c'est ta lettre. Ta kwafe a takarda mai tsabta ta aika, ta adana ta farkon a gwangwanin maɓallai.

Amsa ba ta zo ba. Sai a Kirsimeti kati ya iso daga birnin Montréal, inda ya koma, da layi ɗaya: Rien de neuf. Ba wani sabon abu. Haka kowace shekara. In ta buga waya sai ya tambayi lafiyarta, ya ce aiki na jiransa. Ta ɗauka kunya ce, daga baya ta ɗauka birni ne ya cinye shi. Ta riƙa kunna masa kyandir a coci duk Lahadi.

Muryar Aurèle kuwa ba ta bar kicin ɗin ba. Ba ta gaya wa kowa. In tana fere dankali tana magana ita kaɗai, ta manta da de, sai ta ji daga wajen kujerarsa, can ƙasa-ƙasa: "Ɗauko ta, Baturiyata." Takan gyara, ta ce masa na gode. Amma duk ranar da ta buɗe gwangwanin maɓallai, kicin ɗin yakan yi tsit, irin shirun mutumin da ke da magana ya rasa ta inda zai fara.

Shekara ashirin da ɗaya a haka. Sai maƙwabciyarta Huguette, malamar makaranta da ta yi ritaya, ta buɗe aji a zauren coci ran Talata da safe, don tsofaffin da ke jin Faransanci amma rubutu na ba su wuya.

"Taso, Myrtle. Shekara arba'in kina zagina da kuskure, ki zo ki koyi zagina daidai."

A makon da guguwa ta yaye rufin rumfar wani maƙwabci, Huguette ta ɗauki alli ta rubuta layi biyu.

Ce qui a emporté le toit, c'est le vent.
Ce qu'a emporté le vent, c'est le toit.

"Ku duba, 'yan mata," in ji ta, duk da ƙaramarsu ta haura sittin. "Ce qui shi ne mai aikin: abin da ya tafi da rufi, iska ce. Ce que shi aka yi wa aikin: abin da iska ta tafi da shi, rufi ne. Que kan zubar da wasalinta a gaban wasali, ta zama qu'. Qui ba ta zubarwa a rubutu, ko da bakinku ya haɗiye ta."

Myrtle ta ajiye fensirinta.

"Huguette, in an ce abu ya tafi da mutum fa?"

"Emporter? Ai kashe shi ya yi ke nan. Kamar a ce ciwon zuciya ya tafi da wane. Ke, lafiya? Kin yi fari fat."

Ba ta tsaya ɗaukar mayafinta ba. Ta isa gida ta zazzage gwangwanin, maɓallai suka watse a ƙasa. Ga takardar. Ga ce qu'a da ta soke da hannunta, daidai yake. Abin da ta so faɗa: abin da babanka ya tafi da shi, wasiƙarka ce. Abin da ta aika: abin da ya kashe babanka, wasiƙarka ce.

Ta dubi kujerar Aurèle. "Kullum kana damuna da de. Wannan fa? Me ya hana ka faɗa mini?"

Ta jawo takarda da biro.

Ba ta yarda da waya ba, don a baki kalmomin biyu ɗaya suke. Ta sa tsohuwar takardar a ambulan da sokewarta, ta ƙara sabuwa, ta ba da labarin aljihun rigar. Ta kai wa Huguette ta duba kowane layi. Huguette ta karanta, ta cire tabarau, ba ta yi tsokana ba.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutumin da ya fito furfura ta cika kansa, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka. Myrtle ta kama bakin taga, don sai ta ga kamar Aurèle ne ke hawowa matakala.

Ghislain ya tsaya a bakin kicin, takardar a hannunsa.

"Mama, kullum da safe sai na karanta layin nan a zuciyata. Na ɗauka gaskiya kika faɗa."

"Kuskure na yi, ɗana. Na gyara abin da yake daidai."

Ya ja kujerar uban ya zauna, bai san ba mai zama a kanta ba. Ta juya wajen murhu don kada ya ga fuskarta, ta ce bari ta ɗora masa quelque chose chaud, wani abu mai zafi.

"De chaud, Mama," in ji muryar daga bayanta, can ƙasa-ƙasa.

Ta daɗe riƙe da tukunyar kafin ta iya waiwayawa.