Yadda Na Cire wa Kawu Kirari

Shekarar da aka ɗauke ni koyarwa a makarantar koyon kasuwanci, aikin na gwaji ne. An gaya mini ƙarara cewa in ban fitar da kes ɗaya da kwamiti ya amince da shi ba kafin ƙarshen zango, in nemi wani wurin. Kes shi ne labarin wani kasuwanci na gaske da ake ba ɗalibai su karanta, su yi gardama a kan abin da ya kamata mai shi ya yi. Ina da yara biyu, mijina ya rasu, ba ni da wani wurin.

Sai na ɗauki na gida. Kawuna, wan mahaifiyata da ya riƙe ni, yana da siton hatsi a Mairuwa. Yana sayen masara da dawa daga manoman Damari da Yargoje, ya tara, ya sayar wa kamfanonin abincin kaji. Da hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, direbobi suka daina zuwa, masu ba shi shawara suka ce ya kwashe ya koma Funtuwa. Ya ƙi, ya kuma kasa cewa ya ƙi. Wannan tsaka-mai-wuyar ita ce kes ɗina.

Na rubuta da zuciya ɗaya, na miƙa. Ya dawo mini ja-wur da biro. Shugabar kwamitin, wata farfesa da ba ta iya zagaye-zagaye ba, ta ce, "Malama, wannan talla ce. Kin ce shi ne gatan manoma, wa ya auna? Kin ce sitonsa ba shi da na biyu a yankin, kin ƙirga sauran? Ki faɗi abin da ya yi, ki bar ɗalibai su yanke hukunci. In wani manomi ya yabe shi, ki sa a bakin manomin."

Raina ya ɓaci, don gaskiya ta faɗa. Na zauna ina cirewa kamar mai fige kaza. "Hangen nesa" ya fita. "Jajirtacce" ya fita. Inda na ce manoma na ƙaunarsa, na rubuta cewa yana auna hatsi a gabansu, yana biya a ranar. Na ƙara abin da na ɓoye da farko: masarar da danshi ya ɓata masa wata damina, da abokin cinikin da ya bar shi saboda jinkirin kaya. Ƙarshen ma, inda na sa shi ya yi nasara, na datse, labarin ya tsaya Kawu yana zaune bai san abin yi ba.

Saura abu ɗaya. Ba a koyar da kes sai mai kasuwancin ya karanta ya sa hannu ya yarda.

Na sami Kawu a ƙofar sito bayan la'asar, da mutanensa kewaye da shi. A wurinmu ba a ambaton babban mutum gaya, ko mai kiran ɗaurin aure sai ya haɗa da kirari. Na roƙi mu keɓe, ya ce ai duk na gida ne, sun ji ɗiyarsa ta sa shi a littafi. Haka na durƙusa ina fassara musu. Suna jiran wurin da za su ce madalla, wurin bai zo ba. Da na kai kan masarar da ta ruɓe, wani ya tashi ya ce zai duba akuyarsa.

Kawu ya ce, "Mi na yi maki, ɗiyata?"

"Ba komai, Kawu. Haka ƙa'idar take."

"Ƙa'idar ta ce a tara yara a hwaɗa masu ban san abin da nika yi ba? Siton ga rabinshi iska ne yanzu. Suna ɗai ya rage mani."

Na fashe da kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Na ce masa aikina ne a kai, in ya ƙi sa hannu ban san abin da zan ba 'ya'yana ba. Na ce ana iya sauya suna da gari, an yarda da hakan.

Sai ya miƙo hannu na ba shi biro. Ya ce, "Cire sunana. Wanga mutum ba ni ba ne."

Kwamiti ya amince, aka tabbatar da ni. Ranar da na fara koyar da kes ɗin, wani ɗalibi mai kaifin baki ya ɗaga hannu ya ce wannan ɗan kasuwa tausayi ne ya kashe shi, taurin kai ne kawai irin na tsofaffi, tun bara ya kamata ya rufe. Aji ya ɗauki dariya. Aikin malami a nan shi ne ya rubuta ra'ayi a allo, ya tambayi hujja, kada ya nuna ɓangare. Na juya musu baya na rubuta "ya rufe sito", na daɗe ina gyara harafin ƙarshe kafin na iya juyowa na ce, "Wa ke da wani ra'ayin?"