Hannun Malama Luba

Malama Luba 'yar Goron Dutse ce, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti da ke cikin gari, kuma ita ce ke sa ido a kan ɗalibai masu koyon aiki. Faɗa gare ta kamar ta ari baki. Idan ɗaliba ta tashi ta bar kwamfuta a buɗe, ko ta ara wa ƙawarta lambar sirrinta, ranar sai ta gwammace ba ta zo ba. Kullum tana nanata musu cewa na'urar tana ajiye sunan duk wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe, kuma fayil ɗin wanda ba kai ke jinyarsa ba, ba naka ba ne.

Wata Talata da hantsi samari biyu suka shigo da ledar lemo, suka yi sallama cikin ladabi. Suka ce wa wata ɗaliba, Ikram, sun zo dubiyar ƙanensu Umair, wanda aka sara jiya. A Kano wa yake korar mai dubiya? Ikram ta fara rubuta sunan don ta gano musu ɗakin da yake.

Luba kuwa ta san Umair ya roƙa a ɓoye inda yake, don waɗanda suka sare shi ba su haƙura ba. Ta miƙo hannu ta kan kafaɗar yarinyar ta kulle kwamfutar.

"Ku ba ni sunayenku, in tambaye shi," in ji ta.

Babban ya zubar da lemon, ya zaro gajeriyar adda daga ledar. "Hajiya, ki buɗe."

"Ban iya ba."

Ya kifa mata mari, bakinta ya fashe. Ɗayan ya danne hannunta na dama a kan tebur. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta ce wa Ikram ta gudu. Addar ta sauka a kan yatsun Luba, jini ya wanke teburin. Kafin masu gadi su rufar musu, sun fasa kwamfutar da kujera, ba su kuma samu lambar ɗakin ba. Umair ya tsira, aka sauya masa asibiti a ranar.

Washegari Ikram ta shigo inda aka kwantar da ita, idanu jawur.

"Malama, na duba fayil ɗinki. Na ga abin da likita ya rubuta a kan yatsun."

"Ke ce mai jinyata?"

"A'a."

"To sunanki ya hau, kuma da bakina zan kai ƙararki."

Ikram ta juya za ta fita. Luba ta dubi hannun da ke naɗe a bandeji, wanda tun jiya ba ta ji motsinsa ba. Muryarta ta yi ƙasa.

"Ikram. Guda nawa ya ce za a cire?"