Farar rigata da injin wankin amarya

Na shigo karɓar farar rigata ta Juma'a, wadda ita kaɗai gare ni, sai na tarar injin wankin Rabi, amaryar jikana, yana rawa a tsakar gida. An cusa kaya gefe guda a ɓangaren matsewa.

Ashe tun safe ake fama. Jikana ya zuba ruwa bido biyu, manyan jarkoki, ruwan ya tsiyaye, don ya bar wajen zubarwa buɗe. Ƙanwarsa ta juye garin sabulu leda guda, kumfa har zaure.

Rabi ta kashe injin, ta zaro rigata shuɗiya. Tsohuwata, uwargidana, ce ta jefa zanenta mai rinin baba cikin wankin.

"Amarya, mi na yi maki?"

"Angona, tambayi Kaka. Ai ka ma fi kyau."

Haka na tafi masallaci. Wanda ya san maganin baba a farar shadda, ina saurare.