Hasumiyar da Ta Fito wa Tahlia

Shekara ashirin Glenys Pardoe ta yi tana soya dankali a kantin wata makaranta a Newcastle, har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Tun daga nan ta koma duban karta, sana'ar da ta koya wajen gwaggon mijinta. Duk Asabar takan kafa tebur a kasuwar bakin teku, tsakanin mai zuma da mai tsofaffin littattafai, da kartarta guda saba'in da takwas a naɗe cikin ƙyalle.

Watan Oktoba ne lokacin 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Cikinsu har da Tahlia, 'yar shekara sha takwas, wadda ta zo saura kwana tara a fara jarrabawa, ta cinye faratanta har nama.

"Anti, gaya min kawai, zan samu likitanci ko a'a?"

"Karta ba ta san maki ba, 'yata. Tambayi abin da za ki iya gyarawa."

Tahlia ta gauraya kartar, ta yanka ta kashi uku da hannun hagu kamar yadda aka ce mata. Glenys ta haɗa, ta jera uku a kife: halin da ake ciki, abin da ya kamata a yi, da inda hanyar ta nufa in ba a sake tafiya ba.

Ta farko Takubba Tara ce: mutum zaune a gado ya rufe fuska, takubba jere a bango. "Fargaba ce wannan. Kin lura ko ɗaya bai taɓa shi ba? Yaya kike karatun?"

Ashe awa goma take yi kullum tana maimaita littafi tana ja masa layi da alƙalami mai launi, waya a gefe.

"Tsofaffin tambayoyi fa, nawa kika amsa da agogo a gabanki?"

"Ko ɗaya. Tsoro nake in ga sakamakon."

"A gwajin makaranta nawa kika ci?"

"Sittin da 'yan kai," in ji ta a hankali. Likitanci kuwa sai casa'in da ɗoriya mai yawa.

Ta biyu Sulalla Takwas ce, maƙeri a bencinsa yana buga su ɗaya bayan ɗaya. Glenys ta ji daɗinta. Ta ce wa Tahlia ta amsa takardar tsofaffin tambayoyi ɗaya kullum da safe, a kan lokaci, waya a kicin, ta duba kurakuranta da rana, ta yi barci awa takwas.

Sai ta buɗe ta uku. Hasumiya ce, aradu ta faɗa mata, mutum biyu suna rikitowa ƙasa.

"Na faɗi ke nan!"

"Ba haka take nufi ba. Abin da aka gina a kan ƙarya ne ke rushewa, don a ga gaskiya. Kwana tara ba sa mai da sittin casa'in, amma suna iya mai da shi saba'in da biyar, kuma akwai kwasa-kwasan..."

"Sake gaurayawa, Anti, don Allah."

Glenys ta ƙi. A koyarwar gwaggo, ba a maimaita tambaya don amsa ba ta yi daɗi ba. Yarinyar ta tashi, ko jakarta ba ta zuge ba.

Bayan mako biyu wata mata da rigar aikin asibiti ta tsaya a gaban teburin. Kerryn ce, uwar Tahlia.

"Ke ce bokanyar? Sannu da aiki! 'Yata ta zauna a jarrabawar Turanci ta kasa rubuta ko layi biyar. Wai an riga an gaya mata ta faɗi."

"Ban ce mata haka ba, baiwar Allah."

"To, shi ta ji."

Mai zuma ya sunkuyar da kai. Glenys ta so ta ce ba ita ta ɗora wa yarinyar likitanci a ka ba, amma ta haɗiye, don ta san sauran rabin laifin nata ne. Ta ga faratan tun farko, kuma duk da haka ta buɗe ta ukun kafin ta shirya yarinyar.

Ta yi kwanaki tana juya Hasumiyar a hannu, tana tunanin cire ta daga cikin kartar duk watan jarrabawa. Ta kasa, don a ganinta ha'inci ne. Abin da ta yi shi ne ta daina jera wa ɗalibai gurbin nan na uku. Wasu sukan ji haushi su tafi wajen wata mai duba a ƙarshen layi, wadda ke yi wa kowa albishir.

A Disamba labari ya iso ta bakin mai littattafai, maƙwabcin su Kerryn. Tahlia ta zauna sauran takardun, ta tashi da saba'in da ɗaya, ta kama aiki a wani shagon magani kafin ta yanke shawara. Ko ta bi tsarin safiyar nan, ba wanda ya sani. Sau ɗaya Glenys ta hango ta a kasuwa tana sayen mangwaro. Ta ɗaga mata hannu, Tahlia ta gyaɗa kai kaɗan, ta bi ta ɗaya layin.